Idan Hoton Takarda Ya Karkace: Yadda Ake Kwafe Rubutu Ba Tare da Layuka Sun Cakuɗe Ba

Takardar da aka ɗauki hotonta da waya ba kasafai take fitowa a miƙe ba. Wani lokaci an ɗora ta a kan cinya ne, wani lokaci a kan tabarma, hannu ɗaya riƙe da waya, ɗayan yana danne gefen da iska ke ɗagawa. Wanda zai kwafe rubutun, ko ma'aikaci ne a shagon buga takardu ko manhajar karanta rubutu daga hoto da ake kira OCR, aiki biyu ke gabansa: ya gane kalmomin, ya kuma san wace kalma ke bin wace. Karkacewar hoto ba ta cika ɓata aikin farko ba, domin harafin da ya ɗan jingina yana karantuwa. Na biyun take ɓatawa, kuma ɓarnar ba ta bayyana a ido, tunda kowace kalma ta fito daidai, mazauninta kawai ya sauya.

Juyawa gaba ɗaya

Mafi sauƙin matsala ita ce shafin da ya kwanta a gefe ko ya koma kai ƙasa, wato ya juya digiri 90, 180 ko 270. Dalilin yawan faruwar haka yana cikin wayar kanta. Tana gane sama da ƙasa ne ta hanyar wata 'yar na'ura mai jin jan ƙasa. Idan aka shimfiɗa wayar a saman tebur don ɗaukar takarda, na'urar ba ta iya bambance tsaye da kwance, sai wayar ta riƙe matsayin da ta sani na ƙarshe. Yawancin wayoyi ba sa juya hoton da kansa. Lamba suke rubutawa a cikin bayanan fayil ɗin da ake kira EXIF: 1 na nufin a bar shi yadda yake, 3 a juya shi digiri 180, 6 a juya shi digiri 90 ta hanyar da hannun agogo ke bi, 8 kuma digiri 90 ta ɗaya ɓangaren. Manhajar da ke duba wannan lamba sai ta nuna hoton a tsaye, wadda ba ta dubawa ta nuna shi a kwance. Shi ya sa hoto ɗaya kan fito daidai a waya amma ya kwanta a kwamfuta.

Maganin wannan gajere ne: a juya hoton, a adana shi a sabon fayil. Manhajar Tesseract, wadda kamfanin HP ya fara ƙirƙira a shekarun 1980 aka kuma sake ta kyauta a 2005, tana iya faɗin yadda shafi ya juya:

```
tesseract shafi.jpg - --psm 0
```

A cikin amsar akwai layin da ya fara da `Rotate:`, wanda ke ba da adadin digirin da za a juya. Sai dai kashi huɗun nan kaɗai ta sani, kuma takan gaza idan rubutun shafin kaɗan ne. Shafin da aka karanta kai ƙasa ba ya yaudarar kowa, don abin da ke fitowa shirme ne tsantsa, n ta zama u, 6 ta zama 9. Haɗarin yana wajen karkacewar da ba ta kai a lura da ita ba.

Digiri biyu sun isa

Faɗin takardar A4 milimita 210 ne, tsawonta 297. Idan aka cire farin gefe, layin rubutu kan kai kimanin milimita 160. Rubutun kwamfuta mai girman 12 da ba a buɗa tsakaninsa ba yana da tazarar kimanin milimita 5 daga layi zuwa layi. Duk digiri ɗaya na karkacewa yana sa layi ya gangara kashi 1 cikin 57 na tsawonsa. Ke nan a digiri 1, ƙarshen layin ya sauka milimita 2.8 ƙasa da farkonsa, fiye da rabin tazarar. A digiri 2 ya sauka milimita 5.6, wato wutsiyar layi na farko ta zo daidai da kan layi na biyu. A digiri 5 gangarar ta kai milimita 14, kusan layi uku. Digiri 2 kuwa abu ne da mai ɗaukar hoto zai rantse cewa takardarsa a miƙe take.

Abin da ya kamata a kwatanta, saboda haka, shi ne gangarar layi da tazarar da ke tsakanin layuka. Da zarar gangara ta wuce rabin tazara, duk wanda ke bin hoton a kwance daga hagu zuwa dama zai fi kusa da layin maƙwabci a ƙarshen tafiyarsa. Takardar da aka rubuta da manyan haruffa da faffaɗar tazara tana jure karkacewa sosai, ita kuwa takardar yarjejeniya mai ƙananan haruffa a cunkushe ba ta jure ko digiri ɗaya.

A ɗauka layuka biyu na wata yarjejeniya suna cewa:

Mai saye ya biya rabin kuɗin gonar a ranar Litinin,
mai sayarwa kuma ya miƙa takardun a ranar Alhamis.

Idan ɓangaren dama na hoton ya sauka, kalmomin ƙarshe na layin farko suna zama daidai da farkon layi na biyu. Abin da zai fito shi ne mai sayarwa ya miƙa takardun a ranar Litinin. Jumlar lafiyayya ce, babu kuskuren nahawu ko na rubutu, amma ba abin da takardar ta ce ba ne. Takardun hukuma da na ciniki sun fi faɗawa wannan tarko, domin layukansu suna kama da juna.

Jerin suna da kuɗi

Inda abin ya fi muni shi ne jadawali mai fili a tsakiya. Misali shi ne takardar wata ƙungiyar gama kai mai ɗauke da sunaye 30 a hagu, da kuɗin da kowa ya zuba a dama, ba a ja layuka tsakaninsu ba. Tsakanin farkon suna da adadin kuɗi milimita 140 ne, tsakanin jeri da jeri milimita 7. An ɗauki hoton da karkacewar digiri 3, ɓangaren dama a ƙasa. Gangarar ta zama milimita 7.3, kusan jeri ɗaya cif.

A cikin rubutun zube, ido da manhaja duka suna iya bin layi daga kalma zuwa kalma, kamar mai tsallake rafi a kan duwatsu. A nan babu duwatsun. Daga suna sai farin fili, sai lamba. Sakamakon shi ne mutum na 2 ya ɗauki kuɗin na 1, na 3 ya ɗauki na 2, haka har ƙasa. Mutum na farko ya tashi babu komai, ko kuma kalmar da ke saman jerin kuɗin ta zauna a gabansa. Kuɗin mutum na 30 kuma ya rage shi kaɗai, ko ya zauna gaban kalmar jimla idan tana nan.

Mai bincike da ya tara kuɗin don ya gwada da jimlar da ke ƙasa zai iya samun lissafi daidai, domin duk lambobi 30 suna nan, babu wadda ta ɓace. Tarawa tana kama lambar da aka karanta ba daidai ba, amma ba ta kama lambar da aka bai wa wanda ba mai ita ba. Alamar da ke tona asirin tana bakin jadawalin ne: suna marar kuɗi a sama da kuɗi marar suna a ƙasa, ko akasin haka idan ɓangaren hagu ne ya sauka. Mai kwafe da ya ga haka ya ce wai mutum na farko bai biya ba ne, ya ɓata jeri 30 a lokaci guda.

Aunawa da miƙewa

Ana auna karkacewa ne a jikin rubutun, ba a gefen takardar ba. Takardar da ta bi ta injin fotokwafi sau da yawa rubutunta ya riga ya karkace a kanta, don haka ko gefenta ya miƙe layukan ba su miƙe ba. Ana zaɓar layi ɗaya dogo wanda babu shakka a farkonsa da ƙarshensa, kamar kanun takarda ko zanen da aka ja a ƙarƙashinsa, a duba matsayin bakinsa biyu. Manhajojin gyaran hoto na kwamfuta suna nuna matsayin kowane wuri da lambobi biyu: nisa daga hagu da nisa daga sama, a ma'aunin fiksel, wato ƙananan ɗigogin da suka haɗu suka zama hoto.

A hoton jadawalin nan, zanen da ke ƙarƙashin kanu ya fara a fiksel 300 daga hagu, ya ƙare a 2200, ƙarshensa kuma ya fi farkonsa sauka da fiksel 100. Tafiyar 1900 ke nan, gangara 100. A raba 100 da 1900 a sami 0.0526, a ninka da 57 a sami digiri 3. Tazarar jeri a hoton fiksel 95 ce, ƙasa da gangarar, wanda ya tabbatar da cewa ba za a kwafe shi a haka ba. Da manhajar ImageMagick gyaran umarni ɗaya ne:

```
magick shafi.jpg -auto-orient -background white -rotate -3 gyararre.png
```

Kalmar `-auto-orient` tana aiwatar da lambar EXIF tukuna, alamar ragi a gaban 3 kuma tana juya hoton saɓanin hannun agogo, ta ɗaga ɓangaren dama. Wanda ba shi da kwamfuta zai yi wannan a waya, a sashen yanke hoto, inda ake jan wani ma'auni har layukan rubutu su kwanta a kan ragar da ke bayyana a fuskar wayar. Sai dai waya tana yanke kusurwoyi yayin da take juyawa, kuma layin farko ko na ƙarshe na iya tafiya tare da su. Idan gyaran bai yi ba, a koma hoton asali a sake, kada a yi ta juya wanda aka riga aka juya, domin kowace juyawa tana dusashe bakin haruffa.

Akwai manhajojin da ke gano karkacewar da kansu, kamar umarnin `-deskew 40%` na ImageMagick. Dabarar da aka fi sani tana kama da abin da manomi ke gani a gona. Wanda ya tsaya daidai bakin kunya yana ganin kunya da kwari, kunya da kwari, a rarrabe. Wanda ya tsaya a karkace ganye kawai yake gani. Manhajar tana gwada kusurwa bayan kusurwa, tana ƙirga baƙin ɗigo a kowane jere, ta zaɓi kusurwar da baƙi da fari suka fi rabuwa. Wannan yana aiki a kan farin shafi mai yawan layuka da ƙaramar karkacewa. Yana ruɗewa idan saƙar tabarma ko baƙin tebur sun shigo hoton, ko an buga hatimi a gicciye, don haka ana yanke abin da ba takarda ba tukuna, kuma ana duba sakamakon da ido.

Bayan miƙewa, saura a gaya wa manhajar karatu irin shafin. A tsarinta na yau da kullum Tesseract tana raba shafi gida-gida da kanta, kuma a jadawali mai faffaɗan fili takan zubo sunaye duka, sannan kuɗi duka. Idan mutum ɗaya bai biya ba, wurinsa babu komai, haɗa jerin biyu daga baya zai zame daga nan har ƙasa. Zaɓin `--psm 6` yana sa ta ɗauki shafin a matsayin dunƙule ɗaya, ta bi jeri daga hagu zuwa dama.

Idan kalmomin sun riga sun fito tare da matsayinsu, kamar yadda Tesseract ke bayarwa a fayil na `tsv` mai ɗauke da `left` da `top`, ana iya gyara jerin da lissafi ba tare da taɓa hoton ba:

```
top_sabo = top - 0.0526 * (left - 300)
```

Sunan farko yana 900 daga sama, na biyu yana 995, kuɗin farko yana 1000. Jera su yadda suke yana haɗa 995 da 1000. Bayan lissafin, kuɗin farko ya koma 900, gaban mai shi.

Shafi mai rubutu gida biyu, irin na mujalla, yana da tasa matsalar. Farar hanyar da ta raba gidajen ƙila milimita 6 ce, tsawonta 240. Karkacewar digiri 1.5 tana matsar da ƙasanta milimita 6.3 zuwa gefe, ta yadda babu miƙaƙƙen layi da zai ratsa ta daga sama zuwa ƙasa bai taɓa rubutu ba. Manhajar da ta kasa ganin hanyar sai ta karanta rabin layi daga hagu, rabi daga dama. Yanke kowane gida a karanta shi daban ya fi dogaro da ita.

Inda kusurwa ɗaya ba ta isa ba

A auna layi ɗaya a saman shafi da ɗaya a ƙasa. Idan na sama ya ba da digiri 1, na ƙasa ya ba da 4, ba juyawa kaɗai ta faru ba. An riƙe wayar ne a jingine, ɓangaren takardar da ke kusa da ita ya fi girma, layukan suna matsowa kusa da juna ta gefe ɗaya. Kowace juyawa da ta miƙe sama za ta bar ƙasa a karkace. Gyaran shi ne a nuna kusurwoyi huɗu na takardar, manhaja ta ja su zuwa siffar da ta dace, wadda ga A4 tsawo ya ninka faɗi sau 1.414. Wannan shi ne abin da manhajojin sikanin na waya ke yi, irin wanda ke cikin Google Drive ko Adobe Scan, kuma dole ne kusurwoyin huɗu su fito a hoton.

Littafi mai kauri kuwa layukansa suna lanƙwashewa kusa da ɗinki, kamar baka. Jan kusurwa huɗu ba ya miƙe lanƙwasa. Idan littafin yana kusa, sake ɗaukar hoton shafi ɗaya-ɗaya, an danne shi ya kwanta, ya fi kowace manhaja sauri. Idan an aiko hoton ne daga nesa, yana da kyau a nemi a sake turo shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, ƙananan haruffa su dusashe.

Kwafewa da hannu

Mutum ya fi manhaja iya bin layi mai gangara, amma yana da wurin da yake zamewa. Idan rubutu ya yi ƙanƙanta, sai ya zuƙo hoton, ya karanta rabin hagu, ya ja zuwa dama. Yatsa yana jan hoton a kwance ne, layin kuma ya gangara, sai ya sauka kan wutsiyar layin sama ya ci gaba da bugawa. Hanyar kauce wa haka ita ce kada a ja hoton har kalmar ƙarshe da aka karanta ta fita daga fuskar wayar. A bar ta a bakin hagu, a ci gaba daga gare ta.

Kafin a buga ko kalma ɗaya, ana ƙirga layukan a gefen hagu, sannan a sake ƙirgawa a gefen dama. Adadin hagu shi ne na gaskiya. Na dama yakan gaza saboda gajerun layukan ƙarshen sakin layi, kuma bambancin ya kamata ya yi daidai da yawan waɗannan gajerun. Sai a sa wa kowane layi lamba, a jikin kwafin hoton ko a takardar da aka fitar. A bugun farko ana barin kowane layi ya ƙare inda ya ƙare a asali, da lambarsa a gaba, ko da jumla ta karye a tsakiya. Haɗa layuka su zama sakin layi aikin ƙarshe ne, domin da zarar an haɗa su an rasa hanyar gwadawa. Idan an fitar da hoton a takarda, farar takarda da aka ɗora daidai da gangarar layin, ana saukar da ita layi-layi, tana hana ido tsalle.

Tsallen ido tsohon ciwo ne na masu kwafe littattafai tun kafin a san ɗab'i. Idan layuka biyu na kusa suka ƙare da kalma ɗaya, ido yakan bar na farko ya dawo kan na biyu, abin da ke tsakani ya faɗi. Karkacewa tana ƙara wannan. Shi ya sa binciken ƙarshe ba karatun zube ba ne, wanda ma'ana ke jan mai karatu ta rufe masa giɓi. Ana farawa daga layin ƙasa a hau sama, ana gwada kalmar farko da ta ƙarshe ta kowane layi da hoton. A jadawali ana gwada jeri na farko, na tsakiya da na ƙarshe, a tabbatar babu suna ko lamba da ta rage ba abokiyar zama.

Rubutun ajami

Duk lissafin da ya gabata yana aiki a rubutun ajami da na Larabci, sai dai tafiyar daga dama take zuwa hagu, don haka ƙirgan layuka na gaskiya a gefen dama yake. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu na ƙasar Hausa suna da ƙarin abu biyu. Na farko, malamai kan rubuta sharhi a gefe da tsakanin sheɗara, wani a gicciye, wani a tsaye, wani ma kai ƙasa. Wannan karkacewar ta marubucin ce, ba ta mai ɗaukar hoto ba, kuma babu kusurwa ɗaya da za ta miƙe shafin duka. Ana miƙe hoton bisa matanin tsakiya, a kwafe shi shi kaɗai, sannan a juya hoton a kwafe kowane sharhi daban, tare da lambar sheɗarar da yake magana a kai.

Na biyu, yawancin waɗannan littattafai warƙoƙi ne da ba a ɗinke ba, kuma sau da yawa babu lambar shafi. Marubuci kan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan bayan warƙar da ya gama, ita kaɗai, wani lokaci a karkace. Ba ta cikin sheɗarar ƙarshe, kuma wanda ya haɗa ta da matani zai maimaita kalma. Ana rubuta ta daban a ƙasan kwafin, a gwada ta da farkon hoton da ke biye. Idan ba su dace ba, ko dai hotunan sun sauya jeri wajen turowa, ko kuma akwai warƙar da ba a ɗauka ba.